Ledar magunguna ta cika: tambayoyi da amsoshi kan haɗa jerin magani guda ɗaya

Wanda ke jinyar tsoho mai hawan jini ko ciwon suga ya san wannan ledar. A ciki akwai takardun asibiti biyu ko uku, kwalaye sababbi da tsofaffi, katin ƙwaya da aka yanke da almakashi, ambulan fari da babu rubutu, da kwalbar da aka kawo tsaraba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu jinya da ƙananan ma'aikatan lafiya suka fi yi mana a famasi idan aka ce su mayar da ledar nan takarda ɗaya.

Wane jeri ake nufi, tunda likita ya riga ya rubuta takarda?

Takardar likita tana faɗin abin da ya so a sha a ranar da ya rubuta ta. Jerin da muke magana a kai yana faɗin abin da yake shiga cikin maras lafiya a wannan makon, ko wane ne ya rubuta, ko ma babu wanda ya rubuta. Da wuya su zo ɗaya. Wani maganin an rubuta amma ba a saya ba saboda tsada. Wani an dakatar da shi a asibiti amma ragowarsa tana gida ana sha. Wani kuma daga kemis ya fito, likita bai taɓa jin labarinsa ba.

Aikin kashi biyu ne. Na farko a gano gaskiyar abin da ake sha. Na biyu a ɗora wannan gaskiyar a kan takardar likita ta ƙarshe, a fitar da duk inda suka saɓa, a kai wa mai ikon yanke hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na rage cutarwar magunguna da ta ƙaddamar a 2017, ta sa lokacin canjin hannu ya zama ɗaya daga cikin abubuwa uku da ta fi mayar da hankali a kansu. Canjin hannu shi ne kamar ranar kwantarwa, ranar canjin ɗaki ko asibiti, da ranar sallama. A waɗannan ranakun ne magani yake ɓacewa daga takarda ko ya ninku.

Me zan tattaro kafin in zauna?

Komai, har da abin da mutanen gida suka ce ya daɗe ba a taɓa shi ba. A duba ƙarƙashin filo, cikin jaka, kan firji, cikin firjin kansa, da aljihun rigar da ake zuwa masallaci da ita. A haɗo takardar sallama, takardun magani, rasit na famasi, katin asibiti, da sakamakon gwajin jini na baya-bayan nan, musamman na ƙoda da na suga. Rasit yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin shi ne yake nuna ranar da aka sayi magani da adadinsa.

Sannan a nemo mutumin da yake miƙa maganin da hannunsa. Sau da yawa wanda ya rako maras lafiya asibiti babban ɗa ne mai mota, amma wadda ta san abin da ake haɗiya da safe jika ce ko suruka. Idan ba ta zo ba, a kira ta a waya.

Ƙa'idar da ake bi a asibitoci ita ce kada a dogara da majiya ɗaya. Aƙalla biyu: bakin maras lafiya ko mai ba shi magani, da kuma wani abu da ido zai gani, kwali ko takarda ko rasit.

Ta ina zan fara, takardu ko kwalaye?

Kwalaye. Idan ka fara da takarda, idonka zai riƙa neman abin da ke cikinta ne kawai, sauran su wuce ka. Juye ledar a kan faranti ko tabarma mai tsabta, ka ɗauki kowane abu ɗaya bayan ɗaya, ka nemi sunan ainihin maganin. Sunan kamfani shi ne wanda aka rubuta da manyan haruffa masu launi. Sunan ainihi yana ƙarƙashinsa ko a gefen kwali da ƙananan haruffa, tare da ƙarfinsa a miligiram. Wannan ƙaramin rubutun shi ne abin aiki.

Ka tara su gungu-gungu bisa sunan ainihi. Nan take za ka ga tagwaye. Glucophage da kwalin da aka rubuta wa metfomin kawai magani ɗaya ne. Norvasc amlodifin ne. Daonil gilibenkilamid ne. Mutum yana iya shan biyun yana ganin ɗaya na asibitin gwamnati ne, ɗaya na likitan kuɗi, alhali abu ɗaya yake ninkawa. Wannan ya ƙara yawa a 'yan shekarun nan da tsada ta sa mutane suke canza kamfani duk wata, ƙwayar da aka saba gani fara ta dawo ruwan ɗorawa.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne ƙwaya mai haɗe da magani biyu ko uku. Moduretic yana ɗauke da amilorid miligiram 5 da haidurokulorotayazid miligiram 50. Glucovance metfomin ne da gilibenkilamid. Ibucap yana da ibufurofen da farasitamol da kafin. Irin waɗannan sai ka sa su a gungu biyu a ranka, ka kuma rubuta duk abin da ke ciki a jerin. Wanda ke shan Ibucap don ciwon jiki, da Panadol don ciwon kai, da maganin mura mai farasitamol a ciki, zai iya haura giram 4 da aka iyakance wa babban mutum a yini bai sani ba, hanta ce kuma take biyan kuɗin.

Yaya zan karanta gajerun rubutun da ke kan takarda?

Kaɗan ne suke maimaituwa. `od` ko `dly` sau ɗaya a yini, `bd` sau biyu, `tds` sau uku, `qds` sau huɗu, `nocte` da dare, `prn` idan buƙata ta taso, `stat` sau ɗaya nan take. Tsawon lokaci kuma ana rubuta shi kamar lissafi: `5/7` kwana biyar, `2/52` mako biyu, `1/12` wata ɗaya.

Waɗannan na ƙarshen su ne suke raba maka takardar da ta mutu da mai rai. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka rubuta wa `5/7` wata huɗu da suka wuce ba ya cikin jerin yau, sai dai idan har yanzu ana ɗiba daga ragowarsa, wanda shi ma abin rubutawa ne. Idan rubutun likita bai karantu ba, kada ka yi hasashe daga harafin farko. Akwai magunguna masu kama da juna a rubuce da aikinsu ya yi nisa da juna. Ka tambayi wurin da suka ba da maganin.

Wace irin tambaya zan yi wa maras lafiya don in sami gaskiya?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Idan ka ce, "Inna, kuna shan magungunanku yadda likita ya ce?" amsar ita ce "Ina sha, ɗan nan." Ba ƙarya take nufi ba, kunya ce da ladabi, ga kuma ɗan da ya biya kuɗin maganin yana tsaye a kanta. Tambayar da ta nuna amsar da kake so ba ta kawo komai.

Abin da ya fi shi ne ka miƙa mata farantin ka ce, "Inna, ku nuna mini waɗanda kuka sha yau da safe." Hannu ba ya jin kunyar da baki yake ji. Za ka ga ta ɗauki wannan, ta tsallake wancan, ta ce wannan ƙaramin rabi take sha domin yana sa ta jiri. Daga nan ka bi yinin da lokutan da ta sani: bayan asuba, bayan karin kumallo, azahar, magariba, lokacin kwanciya. "Sau biyu a yini" a wurin wani yana nufin ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, a wurin wani kuma yana nufin biyun a haɗe da safe don kada a manta.

Game da tsallakewa, ka sauƙaƙa mata hanyar faɗa. "Mutane da yawa sukan manta wani lokaci. A makon nan kwana nawa wannan ya wuce ku?" Idan ta ce ta daina wani, tambayi dalili ka rubuta shi da kalmominta: tari, fitsari da yawa cikin dare, kumburin ƙafa, kuɗi sun ƙare, ko wata maƙwabciya ta ce yana lalata ƙoda. Dalilin ya fi muhimmanci a wurin likita fiye da labarin dainawar, saboda da shi zai san ko canza maganin zai yi ko bayani kawai ake buƙata.

Wani abu kuma: akwai maganin da ba a faɗarsa a gaban mutane. Maganin ƙanjamau, na tarin fuka, na taɓin hankali, na tazarar haihuwa, na ƙarfin maza. Ka nemi minti biyu kai da maras lafiya kaɗai, ko mace ta zauna da mace. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne a lissafin magani. Rifamfisin na tarin fuka, misali, yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da na wasu magungunan ƙanjamau, kuma babu mai gyara abin da bai san da shi ba.

Maganin kemis da na gargajiya ma sai an rubuta?

Su ne ma suka fi buƙatar rubutu, tunda ba sa cikin fayil ɗin kowa. Mutane ba sa lissafa abin da ba ƙwayar asibiti ba a matsayin magani, don haka sai ka kira su da suna: ɗigon ido, abin shaƙa na asma, man shafawa, allurar insulin, allurar wata uku, sirof na ƙarin jini, maganin olsa na ruwa, jiƙo, tsimi, garin da ake zubawa a kunu, kanwa. Ɗigon ido na timolol da ake ba masu hawan ruwan ido yana shiga jini, yana iya rage bugun zuciya ko ya tayar da asma. Maganin olsa na ruwa da ƙwayar ƙarin jini suna hana sifurofulokzasin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, shiga jiki idan aka sha su lokaci ɗaya. Kanwa kuwa gishirin sodiyam ce, mai hawan jini da ke shan ta kullum likitansa ya kamata ya sani.

Ni a ganina babu abin da ya kai "haɗin" kemis wahalarwa, wato ƙwayoyi huɗu ko biyar da ake ɓarewa a ƙulle a leda don ciwon jiki ko sanyin ƙashi. Sau da yawa akwai dikulofenak ko ɗan'uwansa a ciki, wani lokaci da dekzametazon ko firedinisolon. Waɗannan biyun na ƙarshe suna ɗaga suga da hawan jini, suna kumbura fuska, kuma wanda ya yi makonni yana shan su ba a yanke masa su dare ɗaya, a hankali likita yake ragewa. Saboda haka idan ka sami irin wannan ƙullin, ka rubuta tun yaushe ake sha da sau nawa a mako, ka koma kemis ɗin ka tambayi abin da ya zuba.

Idan ka yi faɗa a kan maganin gargajiya, an daina gaya maka ke nan. Rubuta sunan da suke kiransa, wanda ya bayar, da yawan da ake sha.

Na sami ƙwaya a ambulan babu suna. Zan iya gane ta da launi?

A'a. Farar ƙwaya ƙarama mai tsaga a tsakiya tana iya zama abu ashirin. Idan akwai haruffa ko lamba a jikinta, mai harhaɗa magunguna zai iya taimakawa, haka ma wurin da suka bayar idan suna da rajista. Katin da aka yanke yakan bar rabin suna a bayansa, a haɗa guntayen a gani. Idan duk wannan bai yiwu ba, ta shiga jerin a matsayin "ba a tantance ba", da siffarta da yadda ake shan ta, a kuma kai ta asibiti a hannu. Kada a rubuta "maganin hawan jini" don kawai Inna ta ce na hawan jini ne.

Me ƙirga ƙwaya yake nunawa?

Yana gwada abin da aka faɗa da abin da ya rage. An ba da ƙwaya 30 ta sha ɗaya a yini, yau kwana 21, ya kamata 9 su rage. Idan 20 suka rage, 10 kawai aka sha. Idan 2 suka rage, ko ana ninkawa ko wani yana tayawa, kuma miji da mata masu hawan jini sukan yi tarayya a kwali ɗaya.

Amma lissafin yana da iyaka. Ba ya aiki idan an juye sabon kwali a kan tsoho, ko ba a san ranar saye ba. Kuma yana nuna ƙwayar da ta fita daga kati ne kawai, bai nuna inda ta tafi ba. Ka ɗauke shi a matsayin dalilin sake tambaya cikin lalama.

A ba mu misali daga farko har ƙarshe.

Mu ɗauki tsohuwa mai shekara 68, mai hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa. Kwana 21 da suka wuce aka sallame ta bayan an kwantar da ita saboda sugarta ta faɗi ƙasa har ta suma. Takardar sallama ta ce lisinofiril miligiram 10 sau ɗaya, amlodifin miligiram 10 sau ɗaya, metfomin miligiram 500 sau biyu, kuma a daina gilibenkilamid. Akwai tsohuwar takarda ta wani asibitin daga bara: Glucophage 500 sau biyu, Daonil 5 sau ɗaya, Moduretic ɗaya da safe, Vasoprin 75.

A kan faranti an sami sababbin magunguna uku na sallama, da duk tsofaffin huɗu, da katin dikulofenak miligiram 50 daga kemis, da kwalbar timolol. Da aka ce ta nuna na safiyar yau, ta ɗauki amlodifin, sabon metfomin, Glucophage, Daonil, Moduretic da Vasoprin. Lisinofiril ta ture shi gefe, ta ce tunda ta fara shi take busasshen tari har ba ta barci, don haka sai ranar da ta ji kanta ya yi nauyi take sha. Ƙirga ya goyi bayanta: 20 suka rage cikin 30. Dikulofenak kuwa kusan kullum, saboda gwiwa tana hana ta ruku'u.

Abu na farko da ya fito, kuma wanda ba ya jira, shi ne Daonil. Maganin da ya kai ta asibiti tana nan tana shan sa, domin takardar ta ce a daina gilibenkilamid, kwalin gida kuma Daonil aka rubuta masa da manyan haruffa, babu wanda ya haɗa mata biyun. A nan hukuncin likita yana nan a rubuce, saboda haka a cire shi daga ledar yau, a auna suga, a sanar da asibiti.

Na biyu, metfomin ya ninku. Likita yana lissafi da miligiram 1,000 a yini, ita tana shan 2,000. Ga mai lafiyayyar ƙoda wannan adadin bai wuce iyaka ba, amma ba shi aka rubuta mata ba, kuma ƙodarta ce abin tambaya na gaba.

Na uku shi ne wanda ba a gani sai an jera komai wuri ɗaya. Lisinofiril, da maganin sa fitsari irin Moduretic, da dikulofenak, idan suka haɗu a jikin tsoho suna iya durƙusar da ƙoda, musamman lokacin zafi ko idan an yi gudawa. Ga shi amilorid da ke cikin Moduretic da lisinofiril dukansu suna tara fotasiyam a jini, yawansa kuma yana rikita bugun zuciya. Takardar sallama ba ta ambaci Moduretic ba ko kaɗan. Ba ta ce a ci gaba ba, ba ta ce a daina ba. Mai yiwuwa likitocin ɗakin ba su san da shi ba. Haka ma Vasoprin, wato asfirin miligiram 75: shiru aka yi a kansa, kuma haɗuwarsa da dikulofenak tana ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Shirun takarda ba umarni ba ne, tambaya ce da za a mayar wa likita, tare da neman gwajin ƙoda da na fotasiyam.

Na huɗu, tarin. Busasshen tari sanannen abu ne ga lisinofiril da danginsa, kuma akwai wasu magungunan da likita zai iya musanya shi da su. Da ba a tambayi dalili ba, da an auna jininta an ga ya hau an ƙara mata ƙarfin maganin da ba ta sha.

Yaya takardar kanta za ta kasance?

A sama: suna, shekaru, cututtukan da aka sani, ranar da aka haɗa jerin, wanda ya haɗa, da inda aka samo bayanin. Sai layi na musamman ga maganin da jiki ba ya karɓa, tare da abin da ya faru. Ƙaiƙayin kulorokwin daban, kumburin leɓe da salewar fata bayan Septrin daban, kuma likita yana buƙatar sanin wanne ne.

Kowane magani layi ɗaya, sunansa kamar yadda yake a kwali harafi da harafi, ko da hannu ake rubutawa ko a waya:

```
Amlodipine 10 mg | hawan jini | takarda: 1 safe | ana sha: 1 safe | daidai
Metformin 500 mg (+ Glucophage) | suga | takarda: 1 safe, 1 dare | ana sha: 2 safe, 2 dare | ya ninku
Lisinopril 10 mg | hawan jini | takarda: 1 safe | ana sha: jefi-jefi, tari | tambayi likita
Diclofenac 50 mg | gwiwa | babu a takarda, kemis | kusan kullum | tambayi likita
```

Abin da ya raba wannan da kwafin takardar likita shi ne gurbi biyun nan na tsakiya, abin da aka rubuta da abin da ake sha. Kada a haɗe su. A ƙasa a ware wuri ga magungunan da aka daina, da ranar dainawa da dalili, a kuma rubuta sunan ainihi da na kamfani tare. Rashin wannan layin ne ya mayar da Daonil bakin Inna. Ga insulin da magungunan da ake sha sau ɗaya a mako, irin metotirekzet, a rubuta ranar da lokacin shan ƙarshe, domin metotirekzet da aka sha kullum bisa kuskure yana kisa.

Idan na ga kuskure, in dakatar da maganin da kaina?

Mai haɗa jeri aikinsa ganowa da rubutawa da kaiwa. Abin da likita ya riga ya ce a daina a rubuce, a cire. Tagwayen da aka tabbatar magani ɗaya ne, a koma kan adadin da takardar ƙarshe ta faɗa, bayan mai harhaɗa magunguna ya duba. Sauran sai likita. Akwai magungunan da yanke su farat ɗaya ya fi ci gaba da su haɗari: na farfaɗiya, firedinisolon da aka daɗe ana sha, atenolol da danginsa, da magungunan tsinka jini.

Sai dai gaggawa ta bambanta. Gumi da rawar jiki da rikicewa ga mai shan maganin suga, baƙin bayan gida, raguwar fitsari sosai, ko kumburin leɓe da harshe, waɗannan na yau ne, ba na ranar ganin likita ba. Mai rawar jiki da gumi idan yana iya haɗiya a ba shi abu mai zaƙi kafin a kama hanya.

Me za a yi da tsofaffin kwalaye?

Waɗanda aka tabbatar an daina, a fitar da su daga ɗakin maras lafiya a ranar. Duk abin da aka bari a kusa zai koma baki wata rana da sabon ya ƙare. Wanda ranarsa ta wuce a ware shi: `EXP 03/2026` yana nufin ƙarshen watan Maris na 2026. Ɗigon ido da kwalbar insulin da aka buɗe galibi ba sa wuce mako huɗu ko da ranar kwalin tana gaba, shi ya sa ake rubuta ranar buɗewa a jikinsu. Kwalin da babu lambar rajistar NAFDAC a nuna wa mai harhaɗa magunguna. Abin da za a zubar a kai famasi a tambayi yadda za a yi da shi, kada a ba maƙwabci mai irin ciwon.

Sau nawa ake sabunta jerin?

Duk lokacin da aka ga likita, aka kwantar, aka sallama, ko aka sayo wani sabon abu. Kafin azumin Ramadan ma a kai shi asibiti, domin lokutan shan maganin suga da na sa fitsari suna canzawa, kuma irin su gilibenkilamid suna iya kayar da mai azumi da yamma. Idan an yi sabo a yaga tsohon ko a ja masa layi a rubuta ranar, don kada takarda biyu su yi yawo a gida ɗaya. Kwafi ɗaya ya zauna cikin ledar maganin, ɗaya a wurin mai bayarwa, a kuma ɗauki hotonsa a wayar wanda yakan kai maras lafiya asibiti. Ranar ganin likita a tafi da jerin da ledar gaba ɗaya, saboda mai dubawa zai so ya ga kwalayen da idonsa ya sake ƙirgawa.